Tebur ɗaya ya koma huɗu: yadda ake daidaita bayanan ɗalibai mataki-mataki

Ɗalibin difloma da ya tashi daga Paki, ko Gimi, ko Hunƙuyi, ya je karatun kwamfuta a Kwalejin Nuhu Bamalli ta Zariya, ko karatun adana bayanan lafiya a Kwalejin Shehu Idris ta Makarfi, akwai darasi ɗaya da yakan tsaya masa a wuya idan aka zo kan rumbun bayanai. Darasin shi ne daidaita tebur, wanda a kan allo ake rubuta matakansa da 1NF da 2NF da 3NF. Da yawa sukan haddace ma'anar kowane mataki, su zuba ta a takardar jarrabawa, su ci maki. Amma ranar da aka miƙa musu rajistar ɗalibai ta gaske aka ce su mayar da ita rumbun bayanai, sai ka ga sun kwafe ta yadda take, sun jibge komai a tebur ɗaya.

A ganina matsalar daga tsarin koyarwar take. Ana fara wa ɗalibi da ƙa'ida kafin a nuna masa ɓarnar da ƙa'idar ta zo hanawa. Alhali dukkan aikin tambaya ɗaya ce ake ta maimaitawa a kan kowane bayani: wannan bayanin na wane ne, kuma sau nawa na rubuta shi? Wanda ya iya yin wannan tambayar da gaskiya zai isa mataki na uku ko bai san sunan matakin ba.

Mutumin da ya kafa wannan fanni shi ne Edgar F. Codd, masanin lissafi ɗan Birtaniya da ke aiki a kamfanin IBM a Amurka. A 1970 ya fito da tsarin ajiye bayanai a tebura masu alaƙa da juna, tare da mataki na farko. A 1971 ya kawo na biyu da na uku. Yau sama da shekara hamsin ke nan, kuma manhajojin da ɗalibanmu ke amfani da su a ɗakin kwamfuta, irin su Access da MySQL, duk a kan wannan harsashi suka tsaya.

Ga rajistar da za mu yi aiki da ita. Sunayen ɗaliban da lambobinsu da makinsu duk na misali ne, garuruwan ne na gaske. Na taƙaita ta zuwa mutum huɗu don ido ya iya ɗaukarta gaba ɗaya.

```
lamba suna    gari     hukuma   sakamako
001   Hadiza  Paki     Ikara    COM1 68, STA1 55
002   Sani    Hunkuyi  Kudan    COM1 72, STA1 38, GNS1 61
003   Sani    Gimi     Makarfi  COM1 49
004   Rabi    Paki     Ikara    STA1 64
```

Haka malami ke rubutawa a takarda, kuma a takarda ba laifi, domin idon mutum ne zai karanta. Na'ura kuwa abin da ke cikin gurbi ɗaya abu ɗaya take ɗaukarsa. Gurbin sakamakon Sani na Hunƙuyi a wurinta dogon rubutu ne kawai, ba ta san akwai kwas uku da maki uku a ciki ba. Ka ce mata ta fito da matsakaicin makin STA1, ba ta da inda za ta kama. Ka ce ta lissafo waɗanda suka faɗi, sai ta fara tsinka rubutu tana neman waƙafi, kuma ranar da wani magatakarda ya manta waƙafi ɗaya lissafin ya rushe.

Dabarar farko da ke zuwa wa ɗalibai ita ce su buɗe ginshiƙai a jere: `kwas1`, `maki1`, `kwas2`, `maki2`, `kwas3`, `maki3`. Wannan ba magani ba ne. Rabi mai kwas ɗaya za ta bar gurabe huɗu fayau. Ɗalibin da ya zo da kwas na huɗu sai an sake ginin teburin dominsa. Kuma STA1 na Hadiza yana ginshiƙi na biyu, na Rabi yana na farko, don haka duk mai neman STA1 sai ya leƙa ginshiƙai uku. Abin da mataki na farko ke nema shi ne kowane gurbi ya ɗauki bayani ɗaya tak, kada a jera ginshiƙai masu maimaita abu iri ɗaya, kuma kowane layi ya kasance da abin da ke bambanta shi da sauran. Hanyar ita ce a ba kowane sakamako layinsa. Zan ƙara sunan kwas da yawan yunit ɗinsa, tunda ofishin jarrabawa na bukatarsu.

```
lamba suna   gari    hukuma  kwas sunan_kwas yunit maki
001   Hadiza Paki    Ikara   COM1 Kwamfuta   3     68
001   Hadiza Paki    Ikara   STA1 Kididdiga  2     55
002   Sani   Hunkuyi Kudan   COM1 Kwamfuta   3     72
002   Sani   Hunkuyi Kudan   STA1 Kididdiga  2     38
002   Sani   Hunkuyi Kudan   GNS1 Turanci    2     61
003   Sani   Gimi    Makarfi COM1 Kwamfuta   3     49
004   Rabi   Paki    Ikara   STA1 Kididdiga  2     64
```

Layi bakwai, ginshiƙi takwas. Teburin ya shiga 1NF, kuma yanzu na'ura za ta iya lissafi da shi. A nan ne ya kamata malami ya dakata, kada ya yi gaggawar wucewa mataki na biyu, ya bar ɗalibai su ɓata teburin da hannunsu su ga abin da zai faru.

A ce sashe ya yanke shawarar COM1 ya koma yunit 4. An rubuta yunit ɗin COM1 a layi uku. Magatakarda ya gyara biyu, aka kira shi waya, ya tashi ya bar na uku. Daga wannan lokaci teburin yana faɗin magana biyu: COM1 yunit 4 ne ga Hadiza da Sani na Hunƙuyi, yunit 3 ne ga Sani na Gimi. Na'urar ba za ta yi ƙorafi ba, domin ba a taɓa gaya mata cewa waɗannan gurabe uku magana ɗaya suke faɗa ba. Sai ranar lissafin sakamakon ƙarshe abin zai fito, ɗalibai biyu masu maki ɗaya a kwas ɗaya su tashi da jimilla dabam. Wannan ita ce ɓarnar gyara.

Sai ɓarnar shigarwa. An ƙirƙiro sabon kwas, amma ba wanda ya yi rajistarsa tukuna. A ina za a rubuta sunansa da yunit ɗinsa? Teburin ba ya karɓar kwas sai a bayan ɗalibi. Haka sabuwar ɗalibar da ta biya kuɗin makaranta amma ba ta zauna jarrabawa ko ɗaya ba, ita ma ba ta da mazauni. Abin da ma'aikata kan yi shi ne su ƙirƙiri layin bogi, su sa lamba 000 ko su bar gurabe a buɗe, kuma wannan layin bogin zai riƙa shiga kowace ƙididdiga daga baya.

Ta uku ta fi ban tsoro, domin a ɓoye take aukuwa. Sani na Hunƙuyi ya bar makaranta, aka goge layukansa uku. Ku duba abin da ya tafi tare da shi. Shi kaɗai ne ya ɗauki GNS1, don haka yanzu rumbun bai san akwai wani kwas mai suna Turanci mai yunit 2 ba. Shi kaɗai ne kuma ɗan Hunƙuyi, don haka sanin cewa Hunƙuyi a ƙaramar hukumar Kudan take shi ma ya ɓace. An yi niyyar goge mutum ɗaya, an goge kwas da gari.

Duka ukun tushensu ɗaya. Teburin yana ba da labarin abubuwa dabam-dabam a layi guda: labarin ɗalibi, labarin kwas, labarin gari, da labarin makin da wani ɗalibi ya ci a wani kwas. An ɗaure su da igiya ɗaya, shi ya sa ba a iya taɓa ɗaya ba tare da an motsa sauran ba.

Kafin a raba su sai an nemo mabuɗi, wato ginshiƙi ko haɗin ginshiƙai da idan ka san abin da ke cikinsa ka san layi ɗaya tak ake nufi. Suna ba zai yi ba, ga Sani biyu nan a cikin mutum huɗu. A ajinmu na nan ƙasar kuwa, inda ake samun Abubakar Muhammad uku da A'isha Ibrahim biyu a aji ɗaya, ko an haɗa da sunan uba ba a tsira ba. Lamba ita kaɗai ba ta isa ba a wannan teburin, domin 002 ta fito sau uku. Kwas shi kaɗai ma haka. Amma idan aka haɗa lamba da kwas, 002 da STA1 misali, layi ɗaya ne ke amsawa. To mabuɗinmu ke nan, mai ɓangare biyu.

Yanzu a ɗauki sauran ginshiƙan ɗaya bayan ɗaya a yi musu tambayar nan. Don in san sunan ɗalibi, sai na san lamba da kwas duka, ko lamba ta wadatar? Lamba ta wadatar. Gari da hukuma ma haka. Don in san sunan kwas da yunit, ina bukatar lambar ɗalibi? A'a, kwas ya isa. Maki fa? Lamba kaɗai ba za ta ba ni ba, 002 yana da maki uku. Kwas kaɗai ba zai ba ni ba, COM1 yana da maki uku. Sai an haɗa biyun. A kan allo ana rubuta wannan dogaro da kibiya:

```
lamba       -> suna, gari, hukuma
kwas        -> sunan_kwas, yunit
lamba, kwas -> maki
```

Waɗannan layuka uku su ne zuciyar darasin, kuma ɗalibin da ya iya fitar da su da kansa ya gama rabin aikin. A cikin ginshiƙai shida da ba na mabuɗi ba, maki ne kaɗai ke dogaro da mabuɗin gaba ɗayansa. Sauran biyar a kan rabinsa suka jingina. Abin da mataki na biyu ya hana ke nan: kada wani bayani ya dogara da wani ɓangare na mabuɗi kawai. Gyaran kuma a fili yake, kowace kibiya ta zama teburinta. Teburin `dalibi` ya ɗauki lamba da suna da gari da hukuma, layi huɗu. Teburin `kwas` ya ɗauki kwas da sunansa da yunit, layi uku. Teburin `sakamako` ya riƙe lamba da kwas da maki, layi bakwai. Yanzu yunit ɗin COM1 wuri ɗaya aka rubuta shi, kuma abin da aka rubuta wuri ɗaya ba shi da wanda zai saɓa wa.

Wani abu da ke rage wa ɗalibai wahala a jarrabawa: idan mabuɗin tebur ginshiƙi ɗaya ne, kuma babu wani haɗin ginshiƙai da zai iya tsayawa a matsayin mabuɗi, to ba shi da rabin da za a jingina a kai. Irin wannan tebur da zarar ya shiga 1NF ya shiga 2NF.

Saura teburin `dalibi`. Mabuɗinsa lamba ce, komai na ciki ya dogara da ita, amma har yanzu akwai maimaici: Paki da Ikara sun fito sau biyu, a layin Hadiza da na Rabi. Zaman Paki a ƙaramar hukumar Ikara ba labarin Hadiza ba ne, labarin Paki ne. Lamba ce ke kai ka ga gari, gari kuma ya kai ka ga hukuma. Hukuma ta dogara da lamba ne ta hannun wani, kuma wannan wanin ba mabuɗi ba ne. Mataki na uku ya ce a raba irin wannan. Sai a fitar da tebur na huɗu, `gari`, mai layi uku: Paki a Ikara, Hunƙuyi a Kudan, Gimi a Makarfi. Teburin `dalibi` ya rage da lamba da suna da gari.

Wani zai ce ai gari ba ya tashi daga hukumarsa, mene ne na wahala? Tarihi ya nuna yana tashi. A 1996 da aka ƙirƙiro sababbin ƙananan hukumomi har adadinsu ya kai 774 a Nijeriya, garuruwa da yawa sun kwana a wata hukuma sun wayi gari a wata. Makarantar da ta rubuta hukuma a gaban sunan kowane ɗalibi sai ta bi su ɗaya-ɗaya tana gyara. Wadda ke da teburin garuruwa layi ɗaya za ta taɓa ga kowane gari. Ko ba a yi sabuwar hukuma ba, ɓarnar yau da kullum ta isa: wannan ya rubuta Paki a Ikara, wancan ya yi kuskure ya sa ta a Kudan, kuma idan aka zo ware ɗaliban kowace ƙaramar hukuma don tallafin karatu, sai a tura sunan yarinya inda ba a san ta ba.

Sai dai a nan akwai tarko, kuma shi ne dalilin da ya sa na zaɓi misalin garuruwa. Mun ce gari yana nuna hukuma. A cikin layukanmu huɗu haka ne. Amma gaskiya ne a ko'ina? Ɗauki Tudun Wada. Akwai ta a Makarfi, akwai ta a Zariya, akwai ta a cikin garin Kaduna, ga kuma ƙaramar hukuma sukutum mai wannan suna a Jihar Kano. Sabon Gari da Unguwar Sarki da Nasarawa ba a ma maganarsu. Ranar da ɗalibi daga Tudun Wadar Zariya ya haɗu da na Tudun Wadar Makarfi a rumbun nan, teburin `gari` zai ƙi karɓar na biyu, ko kuma a cusa su duka a hukuma ɗaya. Maganin shi ne a ba kowane gari lambarsa, lambar ta zama mabuɗi, ita ce kuma za a rubuta a teburin `dalibi`. Darasin da ke ciki ya wuce maganar garuruwa. Ba a gano dogaro ta kallon 'yan layukan da ke gabanka. Layuka suna iya ƙaryata dogaro, idan ka ga gari ɗaya da hukuma biyu ka san kibiyar ta karye, amma ba sa iya tabbatar da shi. Tabbaci daga sanin wurin yake zuwa, da tambayar mutanen da ke aikin.

Ga wani misalin da ya fi wannan kusa da ɗalibi. Sani na Hunƙuyi ya ci 38 a STA1. Makin cin kwas a tsarin difloma 40 ne, don haka ya faɗi, sai ya sake ɗaukar kwas ɗin baɗi. Ya sake, ya ci 57. Magatakarda ya zo shigar da 002 da STA1 da 57, sai MySQL ta mayar masa da saƙo mai cewa `Duplicate entry`, domin wannan haɗin lamba da kwas yana nan tun bara. Abin da mai gaggawa zai yi shi ne ya goge 38 ya sa 57. Ya kawar da saƙon, amma ya shafe tarihin ɗalibin, kuma ofishin jarrabawa na bukatar sanin cewa an zauna kwas ɗin sau biyu. Na'urar ba ta yi kuskure ba. Mabuɗinmu ne bai cika ba, domin mun ɗauka ɗalibi sau ɗaya yake zama kwas. Maki ya dogara da abu uku: wane ɗalibi, wane kwas, wace shekarar karatu. Da an tambayi jami'in jarrabawa tun farko ko ana maimaita kwas, da ya faɗa cikin daƙiƙa ɗaya. Ga yadda teburin zai tsaya:

```sql
CREATE TABLE sakamako (
  lamba   VARCHAR(20),
  kwas    VARCHAR(10),
  shekara VARCHAR(9),
  maki    INT,
  PRIMARY KEY (lamba, kwas, shekara),
  FOREIGN KEY (lamba) REFERENCES dalibi(lamba),
  FOREIGN KEY (kwas)  REFERENCES kwas(kwas)
);
```

Layukan `FOREIGN KEY` biyu na ƙasa su ne ke riƙe da zumuncin teburan. Suna hana a shigar da maki ga lambar da ba ta cikin `dalibi`, ko ga kwas ɗin da babu shi a `kwas`. Wanda ya raba tebura bai sa su ba ya yi rabin aiki, domin kuskuren buga lamba ɗaya zai haifar da maki marar mai shi. Ku lura kuma an ajiye lamba a matsayin rubutu. Lambar ɗalibi takan zo da haruffa da karan tsaye, kuma idan aka ajiye 001 a matsayin adadi, sifilan gaba zubewa suke yi.

Tambayar da ɗalibai kan yi a daidai nan mai kyau ce: mun wargaza tebur ɗaya zuwa huɗu, to idan shugaban sashe ya ce a kawo masa takarda ɗaya mai suna da kwas da maki fa? Ana sake haɗa su a lokacin tambaya, ba a lokacin ajiya ba.

```sql
SELECT d.lamba, d.suna, k.sunan_kwas, s.maki
FROM sakamako s
JOIN dalibi d ON d.lamba = s.lamba
JOIN kwas k   ON k.kwas  = s.kwas;
```

Wannan haɗin shi ne kuma gwajin da ke nuna ko rabon ya yi daidai. Mun fara da layi bakwai kafin zuwan makin Sani na biyu, don haka dole haɗin ya dawo da layi bakwai, ba ƙari ba ragi. Bari mu ga rabon da bai yi ba. A ce wani ya raba teburin ta hanyar suna: tebur ɗaya mai suna da gari, ɗayan mai suna da kwas da maki. A na farko akwai Sani biyu. A na biyu akwai layi huɗu masu sunan Sani, uku na ɗan Hunƙuyi, ɗaya na ɗan Gimi. Da aka zo haɗawa, na'ura za ta aura wa kowane Sani duka layuka huɗun, su zama takwas. Ka ƙara biyu na Hadiza da ɗaya na Rabi, ka samu goma sha ɗaya a maimakon bakwai. Huɗu daga ciki ƙarya ne, a ciki har da wanda ya ce Sani na Gimi ya ci 38 a kwas ɗin da bai taɓa zama ba. Kuma ba yadda za a yi a tantance na gaskiya daga na ƙarya, domin lambar da za ta raba gardama an yar da ita wajen rabo. Ƙa'idar ita ce ginshiƙin da tebura biyu suka yi tarayya a kansa ya kasance mabuɗi a ɗaya daga cikinsu.

Akan ce amfanin daidaitawa shi ne rage cin wuri, kuma akwai ƙamshin gaskiya. Sashe mai ɗalibi 200 da kwas 8 zai samu layi 1,600 a babban tebur, gurabe 12,800 ke nan. Bayan rabo, ko da ƙarin ginshiƙin shekara, sakamako zai ci gurabe 6,400, ɗalibai 600, kwasa-kwasai 24, garuruwa 'yan kaɗan. An rage kusan rabi. Amma a zamanin da ƙaramar waya ke ɗaukar dubban hotuna, wannan ba shi ne abin damuwa ba. Ribar gaske ita ce sunan ɗalibi da a da aka rubuta sau takwas, da damar kuskure takwas, yanzu sau ɗaya ne. Duk wanda ya taɓa ganin yadda bambancin Muhammad da Mohammed a takardu biyu ke tsayar da mutum wajen tantancewa ya san darajar wannan.

Wanda aka ba tsohon tebur ya gyara, yana iya auna zurfin ɓarnar kafin ya fara:

```sql
SELECT lamba FROM tsohon_tebur
GROUP BY lamba
HAVING COUNT(DISTINCT suna) > 1;
```

Duk lambar da ta fito tana ɗauke da suna fiye da ɗaya. A sauya lamba da kwas, suna da yunit, a ga kwasa-kwasan da yunit ɗinsu ya saɓa. Dole a warware waɗannan da hannu, a koma fayil ɗin ɗalibi a ga wane rubutu ne daidai, kafin a kwashe bayanan zuwa sababbin tebura. Daidaitawa tana hana sabuwar ɓarna shiga, ba ta san wanne ne gaskiya a cikin tsofaffin biyu ba.

Aikin yana da iyaka, kuma ɓoye wa ɗalibai iyakar ba adalci ba ne. Mu koma kan yunit ɗin COM1 da ya tashi daga 3 zuwa 4. Mun yi murna cewa gyara ɗaya ya wadatar. Amma Hadiza ta zauna kwas ɗin ne lokacin yana yunit 3, kuma gyaran nan ɗaya zai sauya lissafin sakamakonta na baya, har da na waɗanda suka riga suka gama. Manhajar difloma ba a tsaye take ba, hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa mai hedikwata a Kaduna takan sabunta ta. Don haka a makarantar gaske yunit ya dogara da kwas da shekara, kuma yana bukatar teburinsa mai wannan mabuɗi. Tambayar nan ce dai ta dawo: na wane ne? Haka harafin daraja da matsakaicin maki. Daga maki da yunit ake lissafo su, don haka asali ba a ajiye su, kada a gyara maki a manta da su. Amma sakamakon da hukumar makaranta ta riga ta zauna ta amince da shi, wannan ya zama tarihi, ajiye shi yadda aka amince daidai ne.

Akwai matakai a gaba. Codd da Raymond Boyce sun tsaurara na uku a 1974, shi ne ake rubutawa BCNF, Ronald Fagin kuma ya kawo na huɗu a 1977. Teburanmu huɗu sun riga sun cika sharaɗin BCNF, kuma rajistar ɗalibai ko ta marasa lafiya a ƙaramin asibiti da wuya ta nemi fiye da haka. Ɗalibin difloma ya ƙware a ukun farko tukuna. Wuce gona da iri ma yana nan: na ga aikin ɗalibin da ya buɗe tebur na musamman don namiji da mace, wani don sunan farko, har neman sakamakon mutum ɗaya sai an haɗa tebura tara. Ba a raba tebur sai an iya nuna kibiyar da ta sa a raba.

Ga malamai, shawarata ita ce a ba da darasin nan da takarda da biro kafin a kunna na'ura, wanda kuma ya dace da yanayin wutarmu. A raba wa ɗalibai layuka bakwai ɗin nan, a ce wannan ya gyara yunit, wannan ya shigar da sabon kwas, wancan ya goge ɗalibi, su faɗi abin da ya lalace da bakinsu. Bayan nan ne sunayen matakan za su samu wurin zama a kansu. A jarrabawa kuma a ba da tebur a ce a fitar da kibiyoyi, ya fi a ce a kawo ma'anar 2NF.

Ku kuma ɗalibai, musamman masu shirin aikin kammala karatu, kafin ku buɗe Access ku je ofishin da kuke wa aikin ku zauna da mai riƙe da rajista. Ku tambaye shi ko ana maimaita kwas, ko ɗalibi na sauya sashe, ko lambarsa na canzawa idan ya dawo babbar difloma, ko malami biyu na raba kwas ɗaya. Ku rubuta amsoshinsa, ku zana kibiyoyinku daga cikinsu, sannan ku gwada teburanku da ɗalibai biyu masu suna ɗaya da kuma ɗaya da ya faɗi kwas ya sake.